Dubu ɗari da ta faɗi a jimla: yadda ake rubuta wa mai saye wasiƙar gyaran lissafi

Ranar wata Alhamis bayan la'asar, ina shigar da takardun mako cikin babban littafin shagon kayan gini da nake riƙe wa lissafi a Kano, sai takarda mai lamba 0412 ta ƙi daidaita. Takardar lissafin kaya ce, wadda a kasuwa muke ce wa inbois, an rubuta wa wani Alhaji ɗan kwangila da ya shekara biyar yana ɗaukar kaya a wurinmu. Layi biyar ne kacal a cikinta: siminti, rodi, kwanon rufi, ƙusa, da kuɗin mota. Na bi kowane layi, na ninka yawan kaya da farashi, duk daidai. Da na haɗa su sai na samu ₦2,403,000, alhali abin da ke rubuce da biro a ƙasan takardar ₦2,303,000 ne. Kaya sun tafi tun Litinin, Alhaji ya ba da kafin alƙalami na miliyan ɗaya da rabi, kuma asalin takardar tana hannunsa. Kwafin kabon ne a gabana.

Lissafin ba shi ne mai wuya ba, minti biyu ya gyara shi. Wuyar tana wajen gaya wa mutum cewa kuɗin da ya riga ya sa a ransa ya ƙaru. Mai saye da ya ga sabuwar takarda da jimla mafi yawa, abin da zai fara zuwa masa shi ne an ƙara masa farashi ta bayan gida, musamman a kan siminti da rodi da kuɗinsu ke motsi cikin mako guda. Saboda haka aikin wasiƙar guda ɗaya ne: ta ba shi damar ɗaukar kalkuleta ya haɗa da hannunsa, ya ga cewa yawan kaya bai canja ba, farashi bai canja ba, haɗawa ce kawai ta kuskure. Duk maganar da ba ta taimaka wa wannan ba, kaya ce kawai a wasiƙar.

Kafin a ɗauki alƙalami, sai an san wane irin kuskure ne aka yi. Ba na yarda a rubuta wa mai saye "an samu kuskure" alhali mu kanmu ba mu gano inda yake ba, domin tambayarsa ta farko ita ce a ina, kuma idan aka yi masa inda-inda to yardar ta fara tsagewa. Bambancin da ke tsakanin jimlolin biyu shi ne ke nuna hanya. Idan bambancin ya zo cif, dubu ɗaya ko dubu goma ko dubu ɗari, yawanci ajiya ce aka yi wa kuskure, wato abin da ake ɗauka daga wannan gida a kai gida na gaba. Namu haka yake. A gidan dubu goma-goma alƙaluman su ne 4 da 9 da 0 da 9 da 6, sun ba da 28, ga 2 da aka ɗauko daga baya, 30 ke nan. Sai a rubuta sifili a ajiye 3. Wanda ya haɗa ya rubuta sifilin, amma ya kai 2 gaba maimakon 3. Wannan ɗayan da ya faɗi a gidan dubu ɗari-ɗari ya faɗi, shi ya sa ya zama naira dubu ɗari.

Da a ce bambancin ya yi daidai da kuɗin wani layi, misali ₦65,000, da na san an tsallake kuɗin mota ne. Wannan ya fi faruwa ga masu haɗawa a kwamfuta: an rubuta =SUM(E2:E5) tun layukan suna huɗu, daga baya aka ƙara na biyar a E6, jimlar ba ta kai gare shi ba. Da kuma bambancin ya rabu da tara ba saura, sai in nemi inda aka juya alƙaluma biyu. Wanda ya danna 480,000 maimakon 408,000 zai samu bambancin 72,000, kuma 72,000 dubu takwas ce sau tara. Juya alƙaluma kullum haka yake fitowa. Abin da ya sa na tsaya a kan wannan shi ne kowane iri yana da nasa kalaman a wasiƙa. "Ba mu sa kuɗin mota a jimla ba" magana ce daban da "mun yi kuskuren haɗawa", kuma mai saye zai duba abin da aka gaya masa ya duba.

Akwai wani abu da ake yawan mantawa: kuskuren haɗawa ba ya tsayawa inda ya faru, yana gangarawa ƙasa. Shagonmu yana karɓar harajin sayen kaya, wanda ake rubuta VAT a takarda, kuma a Najeriya kashi 7.5 cikin ɗari ne tun watan Fabrairun 2020, lokacin da aka ɗaga shi daga kashi 5. A kan jimla ake lissafa shi. Tunda jimlar ta gaza da dubu ɗari, harajin ma ya gaza da ₦7,500. A tsohuwar takarda an rubuta ₦172,725, daidai kuwa ₦180,225 ne. Ashe abin da za a nema wurin Alhaji ba dubu ɗari ba ne, ₦107,500 ne. Na taɓa ganin inda aka aika wasiƙar gyara aka ambaci bambancin jimla kaɗai, bayan kwana biyu aka sake aika wata a kan haraji. Gyara na farko mutum yana iya ɗaukarsa ajizanci. Na biyu a kan takarda ɗaya kuwa, sai ya koma gida ya zaro duk takardun shekara yana dubawa, kuma ba zan ga laifinsa ba. Don haka a bi takardar har ƙasa: jimla, ragi idan an yi, haraji, kafin alƙalami, ciko. Sannan a ba wani ya haɗa daga ƙasa zuwa sama ba tare da an gaya masa amsar ba. Haka na yi, na miƙa wa mai kula da sito, ya samu abin da na samu.

Ita tsohuwar takardar ba a taɓa ta. Ba a gogewa, ba a shafa farin ruwan nan a rubuta a kai, ba a yage kwafin daga littafi. Lambobin littafin inbois a jere suke, duk wanda ya zo binciken lissafi ya ga 0411 sai 0413 zai tambayi ina 0412 ta shiga. Abin da ake yi shi ne a ja layi biyu a karkace a kan kwafin, a rubuta an soke, an maye gurbinta da lamba kaza, a sa kwanan wata da hannu. Sabuwar takarda ta ɗauki lambar da ke gaba a littafi da kwanan watan da aka rubuta ta da gaske. Tamu ta zama 0419, kuma a samanta na rubuta cewa ta maye gurbin 0412. Wasu kamfanoni, musamman idan an riga an biya ko an shigar da takardar a lissafin wata, sukan bar ta farko yadda take, su fitar da 'yar takardar ƙari ta bambancin kaɗai. Hanya ce ingantacciya. Amma ga mai saye irin Alhaji, wanda zai miƙa takardar ga mai ginin, takarda ɗaya cikakkiya ta fi masa sauƙi a kan biyu da sai an haɗa.

Sai na kira shi. A ganina wasiƙa irin wannan bai kamata ta riga murya isa ba. Mutumin da kuke gaisawa kuna tambayar iyali, ya buɗe waya ya ga takardar neman ƙarin kuɗi ba sallama, zai ji kamar an mai da shi baƙo. Bayan gaisuwa na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, mun yi kuskure a haɗa lissafin takardar Litinin. Kuskuren namu ne, kuma ya sa jimlar ta yi ƙasa da yadda take. Zan aiko maka da bayani a rubuce yanzu, ka duba da kanka." Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "Nawa ne?" Na faɗa masa. Ya ce, "To, aiko in gani." Ban ƙara komai ba, domin alƙaluma ba sa zama a kunne, a takarda suke zama.

Ga abin da na rubuta, a kan takardar shago mai ɗauke da sunanmu:

Assalamu alaikum, Alhaji. Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Kamar yadda muka yi magana a waya yau Alhamis, mun gano kuskuren haɗa lissafi a takardarmu mai lamba 0412 da muka ba ka ranar Litinin. Mun rubuta jimlar kaya ₦2,303,000, alhali daidai ita ce ₦2,403,000. Kuskuren daga wurinmu yake, muna ba ka haƙuri.

Yawan kaya da farashinsu suna nan yadda muka yi ciniki, ba abin da ya canja. Ga su kamar yadda suke a takardar da ke hannunka:

Siminti buhu 120 a kan ₦9,500: ₦1,140,000
Rodi mai milimita 12, guda 80 a kan ₦8,700: ₦696,000
Kwanon rufi bandir 6 a kan ₦68,000: ₦408,000
Ƙusa katan 4 a kan ₦23,500: ₦94,000
Kuɗin mota da lodi: ₦65,000
Jimla: ₦2,403,000

Saboda jimlar ta gyaru, haraji na kashi 7.5 ya tashi daga ₦172,725 zuwa ₦180,225. Duka-duka kuɗin ya zama ₦2,583,225 maimakon ₦2,475,725, bambancin ₦107,500 ke nan. Mun karɓi ₦1,500,000 daga gare ka, saboda haka cikon da ya rage ₦1,083,225 ne, ba ₦975,725 ba.

Mun soke takarda mai lamba 0412. Ga sabuwa mai lamba 0419 haɗe da wannan wasiƙa, ita za a yi aiki da ita. Ranar biya tana nan ƙarshen wata yadda muka shirya, kuma asusun bankinmu shi ne wanda ka saba turawa, bai canja ba. Idan ka haɗa ka ga wani abu bai yi daidai ba, ka kira ni kai tsaye.

Allah ya bar zumunci. Na gode.

Na sa hannu, mai shago ma ya sa, aka buga hatimi.

Yanzu bari in warware dalilin da ya sa kowane yanki yake inda yake. Sakin layi na farko ya faɗi komai: wace takarda, me aka rubuta, mene ne daidai, laifin wa. Mutum mai aiki a wurin gini, ƙura a hannu, leburori na jiransa, yana iya karanta wannan kaɗai ya san halin da ake ciki. Al'adarmu ta gaisuwa tana nan, ban yar da ita ba, amma layi ɗaya na ba ta, tunda mun riga mun gaisa sosai a waya. Wasiƙar da ta cika rabin shafi da addu'a da yabon daɗewar hulɗa kafin ta kai ga kuɗi tana sa mai karatu ya fara zargin cewa ana shafa masa mai ne kafin a yanka.

Haƙuri sau ɗaya na bayar, kuma da "mu". Ban ce yaron shago ne ya haɗa ba, ban ce kalkuleta ce ta yi gardama ba, ban ce cunkoson ranar Litinin ne ba. Alhaji da shago ya yi ciniki, ba da yaro ba, kuma takardar hatiminmu ke kanta. Wanda ya jefa laifi kan ƙaramin ma'aikaci a gaban mai saye yana nuna cewa takarda tana fita daga shagonsa ba wanda ya duba. Maganar wanda ya yi kuskuren ta cikin gida ce, kuma a cikin gida muka yi ta. Haka nan na guji kalmomin da ke rufe fuska, irin su "an samu ɗan saɓani" ko "bayan sake nazari". Dubu ɗari ba ɗan saɓani ba ne. Sunansa kuskuren haɗa lissafi, kuma faɗin sunan shi ke raba shi da ƙarin farashi.

Jimlar da ta fi kowace nauyi a wasiƙar ita ce wadda ta ce yawan kaya da farashi ba su canja ba, sai kuma kalmomin nan: "kamar yadda suke a takardar da ke hannunka". Ba na roƙonsa ya yarda da ni. Hujjar tana aljihunsa tun Litinin, da rubutunmu, kafin mu san za a yi wata magana. Idan ya haɗa layuka biyar na tsohuwar takarda zai samu sabuwar jimla. Shi ya sa na jera kayan a tsarin da suke a can, da sunayen da aka kira su a can. Da na sauya jeri, ko na haɗe ƙusa da kwano a layi ɗaya, da na sa shi aikin nema, kuma mai nema a irin wannan hali yana nema ne da zargi. Nan ne kuma haɗari yake ga mai son gyara komai a tafi ɗaya. A ce siminti ya hau da naira ɗari biyu tsakanin Litinin da Alhamis, sai wani ya ga dama ce ta sa sabon farashi tunda ana sake takarda. Wannan ya fita daga gyara, ya zama cin amana, kuma ya rushe maganar da duk wasiƙar ta tsaya a kanta.

Maganar asusun banki kuwa ba ado ba ce. 'Yan damfara sun daɗe suna amfani da wannan salo: su aiko da takardar da suka ce an gyara, a ƙasa an sauya lambar asusu. Mai saye mai hankali, ko akantansa, zai tsaya idan ya ga takarda ta biyu a kan kaya ɗaya. Faɗin cewa asusu bai canja ba, tare da kiran da aka riga aka yi da muryar da ya sani, yana ɗauke masa wannan fargaba. Ranar biya ma na bar ta inda take. Ba daidai ba ne ka yi kuskure sannan ka matsa wa wanda kuskuren ya faɗa wa.

Wasu takardun inbois da ake bugawa suna da haruffan E&OE a ƙasa, ma'anarsu dai mai takarda ya keɓe wa kansa damar gyara kuskure ko abin da aka tsallake. Tamu ma tana da su. Ban ambace su a wasiƙar ba, kuma ba na ba da shawarar a ambata. Mutumin da kake neman ya fahimce ka, idan ka nuna masa ƙananan haruffa a gindin takarda, ka mai da zancen na shari'a tun bai musa ba. Abin da ke tsaye shi ne cinikin da aka yi: buhu kaza a kan kaza. A kan wannan aka shirya, jimla kuwa sakamakonsa ce. Amma wannan hujja tana da iyaka, kuma dole a san ta. Idan da cinikin na dunƙule ne, aka ce duk kayan nan a ba da miliyan biyu da dubu ɗari uku, aka tafa a kan haka, to jimlar ita ce cinikin, ba a kuma da bakin cewa a haɗa layuka. Nan sai dai roƙo da sulhu, wasiƙar ma wata iri za a rubuta.

Idan kuskuren ta ɗaya gefen ya faɗi, wato an rubuta wa mai saye fiye da abin da ke kansa, tsarin wasiƙar ɗaya ne, sai dai gaggawar ta fi, domin haƙƙin wani ne a hannunka. A faɗi rarar, a tambaye shi ko a mayar masa ta asusun da ya turo ko a ajiye masa a kan sayayya ta gaba. Shi ke zaɓa, ba shago ba.

Da safiyar Asabar Alhaji ya zo da kansa, takardun biyu a naɗe cikin aljihun gaba. Ya zauna a bencin ƙofar shago, ya ciro waya, ya danna layukan tsohuwar takardar ɗaya bayan ɗaya yana motsa leɓe, ya juyo mini da fuskar wayar: 2,403,000. Ya ce, "Lissafinku daidai ne, Malam. Matsalar ita ce na riga na kai wa mai ginin waccan, a kanta ya ba ni kuɗi." Wannan ita ce ɓarnar da kuskuren haɗawa ke yi wadda ba ta bayyana a littafinmu: ya gina nasa lissafin a kan namu, yanzu shi ne zai je ya tsaya gaban wani ya ce kuɗi ya ƙaru. Da ba ɗan kwangila ba ne, da zancen ya ƙare a bencin nan.

Abin da ya nema shi ne kwafi na biyu na wasiƙar mai sa hannu da hatimi, ya kai wa mai ginin, don a ga cewa ba shi ya ƙara ba. Na ba shi nan take, kuma a ranar na ƙara gane amfanin rubuta wasiƙar yadda wanda bai san mu ba zai karanta ya gane ba sai an yi masa bayani. Mai shago ya ce masa ya biya ₦975,725 a ƙarshen wata kamar yadda ya tsara, ragowar ₦107,500 kuma idan mai ginin ya sake sakin kuɗi. Harajin ba a yafe shi, domin ba namu ba ne, amma lokaci namu ne, muna iya bayarwa. Na rubuta wannan sharaɗin da hannu a ƙasan kwafinmu na 0419, su biyun suka sa hannu. Na haɗa kwafin 0412 da aka soke, da 0419, da wasiƙar, da takardar fitar kaya daga sito, na maƙale su wuri ɗaya a fayil ɗin Alhaji. Tun daga makon, ba takardar da ke fita daga shagon sai mutum na biyu ya haɗa ta daga ƙasa zuwa sama ya sa harafin sunansa kusa da jimla. Cikon ya shigo bayan mako uku.